Kwabon Mushe da Gonar Daddara

Buhun wake ɗari da ashirin na ajiye a sito a shekarar, kowane ɗaya na saye shi naira dubu casa'in da biyar. Jarina ke nan kakaf, abin da na tara cikin shekara ashirin da 'yan kai a bakin iyakar Jibiya, tun ina dakon kaya a ka har na zama mai sayen kaya mota guda. Bayan wannan jarin abu ɗaya nake da shi, gona a Daddara. Ba ta da girman a zo a gani, amma tana bakin titi, kuma a shekarun nan da mutane suka bar gonakin nesa saboda tsoro, irinta ce kaɗai mutum zai je ya noma ya dawo gida hankali kwance. Geron da gidana ke ci daga can yake fitowa. Waken na nan a tarihin kasuwancina kamar kowane kaya, an saya an sayar. Gonar ce na rubuta wannan dominta.

Ban taɓa yin caca ba. Na faɗi haka tun da farko domin a san irin mutumin da abin ya samu. Ba na zama inda ake karta, ba na sayen takardar ƙwallo a waya, kuma na taɓa korar mai yi mini awo saboda na kama shi yana yi. Ni mutum ne mai duba kaya kafin ya biya. Ina zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, in ɗebo daga ƙasa, in tauna ƙwaya in ji ko ta bushe.

Siton da nake ajiya ni da ɗan kawuna muke haya tare, a Magama, inda motocin Maraɗi ke sauke kaya. Taubashina ne, mahaifinsa wan mahaifiyata, don haka tun muna yara ba mu taɓa yin magana ta minti biyar babu tsiya a ciki ba. Jarinmu daban, sitonmu ɗaya. Da kaka, idan motar wake ta iso ranar Lahadi da kasuwa ke ci, mu biyu muke raba ta, kuma wanda ya fara zaɓe shi ke kwashe buhunan da suka fi kyau. Mun sha faɗa a kan haka har muka gaji, sai muka koma ƙuri'a. A gindin bishiyar bedin da ke gaban siton akwai wani dattijo mai canjin kuɗi, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin boko a Nijar, domin ya yi shekaru yana koyar da lissafi a lakwal, wato makarantar boko ta can, kafin ya yi ritaya ya dawo wajen 'ya'yansa. Shi ne ke da tsabar sefa, kuɗin Nijar, mu namu kwabban sun daɗe da mutuwa. Yana da wata dala ashirin ta ƙarfe da ta sha hannu, gefe ɗaya lamba, ɗaya gefen wani zane da muke kira kifi. Ni kullum lamba nake ɗauka, ɗan kawuna kifi. Mushe ya jefa, ta faɗi a tabarma, magana ta ƙare.

A kakar nan kifi ya fito Lahadi biyar a jere. Ɗan kawuna har rawa yake takawa.

"Kai ɗan mace, ko dai ka bar mini siton ne gaba ɗaya? Kwabon ma ya san ubangidanka."

A Lahadi ta shida na zo da ƙarfina. Na ce masa yau kam ko ya kawo malamai bakwai tawa ce, kifi ya gaji, sau biyar ya fito, yanzu lokacin lamba ne. Mushe ya jefa. Lamba ta fito.

Na buga cinya na ce, "Ban faɗa maka ba?"

Mushe ya ɗauki kwabonsa yana gogewa da bakin riga. Ya ce, "Alhaji, ka ci, amma ba don abin da ka faɗa ba. Wanga ƙarfe bai san ka ba, bai san an yi Lahadin da ta wuce ba."

Na yi dariya na tafi zaɓen buhu. Da kifi ya sake fitowa a ranar, watakila da na manta da zancen. Amma lamba ta fito, ni kuma na tafi da wani abu a raina wanda na ɗauka ilimi ne: duk abin da ya daɗe yana tafiya gefe guda, ya kusa juyawa.

Ajiyar wake ba sabon abu ba ne a wurina. Ana saye da kaka lokacin da kowa ke da shi, a ɗura a buhu mai leda, a jira bazara lokacin da na hannun manoma ya ƙare. Shekarar da ta gabata waɗanda suka ajiye sun ci riba mai yawa, har masu sayar da katin waya da masu ɗinki sun ji labari. Ni ma na ci. Shi ya sa wannan karon na zuba duk abin da nake da shi.

Rani ya wuce farashi yana nan inda na saya, ya ɗan taɓa dubu ɗari ya tsaya. Da bazara ta shigo, lokacin da ya kamata ya fara hawa, sai ya sauka zuwa casa'in da biyu. Na ce ba komai. Lahadin gaba tamanin da takwas. Ta gaba tamanin da biyar. A bangon siton, daidai bayan ƙofa, na fara ja da gawayi, kowace Lahadi da farashi ya sauka layi ɗaya. Ban san dalilin da ya sa na fara ba. Na dai lura cewa duk lokacin da na ƙara layi, maimakon gabana ya faɗi, sai in ji wani sanyi, kamar na ƙara taku ɗaya zuwa ranar da zai juya.

A layi na huɗu, farashi na tamanin, ɗan kawuna ya dawo daga Maraɗi ya sayar da nasa duka, buhu saba'in. Na ce masa matsoraci.

Ya ce, "Na yarda. Amma matsoracin ya zagaya ya gani. Duk siton da na leƙa can cike yake har bakin ƙofa. Kowa jira yake irin naka. Masu motocin kudu kuma da suke zuwa biyar biyar, yanzu biyu ke zuwa, su ma suna yanga."

"Sau huɗu fa ya sauka."

"To sai mi? Mota ce da za a ce ta cika?"

Na ji abin da ya faɗa sarai. Irin labarin da nake biyan kuɗin shayi don in samu ne a shekarun baya. Amma a lokacin ina da layukana a bango, kuma sun fi mini daɗin kallo.

Saba'in da takwas. Saba'in da huɗu. A Lahadi ta bakwai buhu ya koma dubu saba'in. Tun da nake wannan sana'a ban taɓa ganin wake ya sauka kasuwa bakwai a jere da bazara ba. Na tsaya gaban bangon na ƙirga layukan da yatsa, kuma a nan tunanin ya zo mini. Idan juyawar ta kusa haka, ai zama da buhu ɗari da ashirin kawai wauta ce. Wanda ya saya a saba'in shi zai fi kowa dariya. Kuɗi ne babu a hannuna. Akwai kuma wani mai shagon siminti a cikin gari da ya yi shekara biyu yana bina in sayar masa da gonar Daddara.

Washegari Litinin, kasuwa ta watse, bakin iyaka shiru sai 'yan babura. Bayan azahar na zauna a tabarmar Mushe, ɗan kawuna na gefe yana cin gyaɗa. Na faɗa musu abin da na yanke. Ɗan kawuna ya daina tauna. Mushe ya laluba aljihu ya fito da dala ashirin ɗin nan, ya yago bayan wani kwali, ya miƙa wa ɗan kawuna biro.

Ya ce, "Alhaji, kana da aiki yanzu?"

"Babu."

"To jefa mini wanga sau ɗari biyu. Kai kuma rubuta, ka ga kifi ka sa harafin K, ka ga lamba ka sa L."

Na ce, "Mushe, ni za ka mayar ɗan lakwal da furfurata?"

"'Yan lakwal ɗina ba su da gonar saidawa. Jefa."

Na jefa. Abu ne mai gundura, hannu har ya gaji, sau biyu kwabon ya gangara ƙarƙashin benci ɗan kawuna ya ce ko a jifa ma ba ni da saiti. Da muka gama, Mushe ya sa tabarau ya bi kwalin da bakin biro. Duk inda kifi ya fito sau uku a jere, sai ya zagaye abin da ya biyo baya. Ya sami wuri ashirin da uku.

"A ganinka, bayan kifi uku, mi ya kamata ya fito?"

"Lamba mana. Akasari dai."

"Ƙirga."

Na ƙirga. Lamba goma sha ɗaya, kifi goma sha biyu. Na sake ƙirgawa, haka yake. A wani wuri ma kifi ya jera sau bakwai, da hannuna na jefa, ban ko lura ba.

Na ce, "Amma ai abu ne mai wuya kifi ya fito sau shida a jere. Kai da kanka ka sani."

"Mai wuya ne kafin a fara. Tara mini mutum sittin da huɗu, kowa da kwabonsa. A jefa, wanda bai sami kifi ba ya tashi. Wajen rabi za su tashi, saura talatin da biyu. A sake, sha shida. A sake, takwas, huɗu, biyu. Jifa biyar ke nan, mutum biyu suka rage a ƙiyasi. Jifa ta shida, cikin biyun nan nawa za su sami kifi?"

"Ɗaya."

"Ɗaya cikin biyu. Rabi. Daidai da jifar farko. Wuyar da kake magana an riga an sha ta a baya, mutum sittin da biyu sun tashi. Wanda ya kai nan, abin da ke gabansa jifa ɗaya ce tak, kuma kwabon da ke hannunsa bai canza nauyi ba."

Sai na kawo abin da nake ganin ba shi da amsa. Na ce ai kowa ya san in aka daɗe ana jefawa, kifi da lamba kusan daidai suke zuwa. In kifi ya yi gaba da shida, dole lamba ta biyo ta cike gurbin.

Ya girgiza kai. "Ba ta biyowa. Ka zuba cokalin gishiri a kofi, ruwan ba ya shawuwa. Ka juye kofin cikin randa, ka sha ba ka ji komai ba. Wani ya cire gishirin? Yana nan, ruwa ne ya yi yawa. Kifi shida na farko suna nan. Ka ƙara jifa dubu, wajen ɗari biyar kowanne, sai shidan nan su zama ba a ganinsu. Ba wanda ya rama su."

Ɗan kawuna ya ce, "Ka ji ko, ɗan mace? Kai ne gishirin."

Gaskiya na gane zancen kwabon a ranar. Ba ni da taurin kan da zan ga abu a kwali da idona in musa. Sai na koma ta wata ƙofar. Na ce na yarda kwabo ba shi da tunani, amma wake ba kwabo ba ne. Wake abinci ne, mutane na ci kullum, ba zai yi ta sauka har ya zama kyauta ba.

Mushe ya ce, "Yanzu ka yi magana. Wake ba kwabo ba ne. Farashi yana da dalili, kwabo ba shi da wanda za mu iya bi. To kawo mini dalilin. Ka ce mini sitocin Maraɗi sun yi ƙasa, in saurare ka. Ka ce motocin kudu sun ƙaru, ko sefa ta yi tsada har waken can ya daina shigowa, in ce maka sayi. Wanne ka gani?"

"Ban gani ba tukuna."

"Mi ka gani?"

"Ya sauka sau bakwai."

"Shi ke nan abin da ke hannunka, kuma ko a wajen kwabo bai isa hujja ba. A wajen wake ma ya fi muni. Kwabo in ya ba da kifi bakwai, gobe rabi da rabi ne. Wake in ya sauka bakwai, akwai abin da ke danne shi, kuma in abin nan bai tashi ba yana iya ci gaba da dannewa. Ban ce zai sauka ba, ban sani ba. Yana iya tashi Lahadi mai zuwa. In ya tashi, wani abu ne ya faru a kasuwa, ba layukanka na gawayi ba. Ni nan ina zaune shekarun da naira ke faɗuwa gaban sefa. Na ga mutane suna riƙe ta suna cewa ta faɗi da yawa, gobe za ta tashi. Wasu sun yi shekara suna faɗin goben nan."

Na tambaye shi, shi da yake wurina me zai yi. Ya ce shi ɗan canji ne, bai san wake ba, ko in riƙe ko in sayar wannan nawa ne. Abu ɗaya kawai zai ce, kada in taɓa gonar a kan wannan hujjar.

Na yi masa godiya. Na tashi ina jin cewa dattijon ya iya lissafi amma bai san kasuwa ba. Abin da na kasa faɗa wa kaina a lokacin shi ne, in na yarda da shi, sai in yarda cewa na riga na yi asarar naira miliyan uku a kan buhunan da ke sito, kuma ba wanda zai dawo mini da ita. Layukan bango su ne ke ce mini asarar ba ta tabbata ba.

Da safe na faɗa wa uwar 'ya'yana. Tana tankaɗe a tsakar gida, ta ajiye rariyar.

"Alhaji, an fa kai taki. Amalanke goma sha ɗaya. Ruwa kawai ake jira."

"Wata biyu ne. Wake na tashi zan sayi wadda ta fi ta."

"A ina? A bakin titi?"

Na ce kuɗi na sayen komai.

Ta ce, "Ni ban san kasuwa ba. Amma tun da na zo gidan nan ban taɓa auna gero a kasuwa ba. Ka tuna da wannan."

Ba ta yi fushin da zan samu abin kamawa ba. Ta ɗauki rariyarta.

Ranar Alhamis muka je Daddara da mai simintin da shaidu da mai unguwa. Tarin takin na nan jere a gonar, baƙi, kaji na tona. Akwai wata bishiyar gawo a kusurwar gabas inda nake ɗaure babur, a ƙarƙashinta aka yi cinikin. Naira miliyan bakwai. Mai simintin ya tambaya ko takin na ciki, na ce na ciki. Kafin Lahadi na sayi buhu ɗari a dubu saba'in saba'in. Ban sha wahalar samu ba ko kaɗan, mutane har rige-rige suke su sayar mini. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ɗan kasuwa irina, amma ban tsaya ba. Gefen siton da ɗan kawuna ya bari fanko na cika shi har rufi.

Lahadi ta takwas, sittin da takwas. Na ja layi. Ta tara ya tsaya a sittin da takwas, na kwana biyu ina fara'a, na ce ga shi ya ja birki, har na saya wa Mushe goro. Ya karɓa ya ce Allah ya sa. Ta goma, sittin da uku.

Ruwa ya sauka sosai a shekarar. Duk wanda ya ajiye wake ya fara lissafin cewa sabo na tafe, sai aka shiga fito da tsohon. Motocin Maraɗi suka riƙa isowa da kayan da aka ɓoye tun kaka, irin wanda ɗan kawuna ya ce ya gani da idonsa. Ni kuma a cikin buhu ɗarin da na saya da gaggawa, akwai waɗanda ban zura hannu har ƙasa ba. Ledarsu ta huje. Wata safiya na buɗe sito na ji wannan warin, na kwance buhu ɗaya, ƙwari suka watse a hannuna. Buhu ashirin suka taɓu.

Hanyar Katsina ta Daddara take bi. Duk lokacin da na shiga mota sai na zauna gefen da ba zan ga gonar ba, amma ina sanin daidai inda muka iso. Sau ɗaya na duba. Gero ya kai ƙugu, kore shar, takina ya yi aiki.

Farashi ya kai sittin, ya ɗan yi makonni yana jan ƙafa a nan, sannan ya koma hamsin da biyar. A ranar na ɗauki gawayi zan ja layi, sai na tsaya da shi a hannu. Na tambayi kaina abin da Mushe ya tambaye ni: me ka gani? Na fita na zagaya kamar yadda na saba yi a da. Na leƙa sito shida, duk da kaya. Na tambayi direbobi, suka ce a kudu ma ya yi arha. Na tambayi manoman Bugaje da Mazanya da suka zo kasuwa, suka ce waken bana ya yi fure, in Allah ya kiyaye za a samu. Babu ko abu ɗaya da ke cewa zai tashi, ga ƙwari suna ci. Na nemi dillali na ce a sayar duka.

Ɗan kawuna ne ya tsaya a kan lodin. Ranar bai kira ni ɗan mace ba, bai yi mini tsiya ko ɗaya ba, sai "Alhaji, a ɗaga wannan?" Rashin tsiyar ya fi mini ciwo. Da aka kwashe, ya ɗebo ruwa a buta ya wanke bangon bayan ƙofa da tsumma, bai tambaye ni ba.

Mako biyu bayan haka wake ya tashi zuwa sittin da ɗaya. An ce wasu manyan masu saye ne suka shigo. Mutane suka fara tsayar da ni a hanya. Wani ya ce, "Kash, Alhaji, da ka ƙara haƙuri. Ai dama ya sauka da yawa, dole ya tashi." Na ji maganata ce a bakinsa, kalma da kalma. Na je na zauna wajen Mushe na faɗa masa.

Ya ce, "Kamar Lahadin nan ta shida."

Na ce, "Na sani."

Da na riƙe na mako biyun, da na rage asara, wannan gaskiya ne. Amma a ranar da na sayar babu wanda ya san masu sayen nan na tafe, kuma ba yawan saukar ne ya kira su ba. Bayan sun gama lodinsu sun tafi, sabon wake ya shigo, farashi ya gangara ƙasa da inda na sayar. Wannan ma ban ɗauke shi shaidar cewa na yi wayo ba. Na daina karanta irin waɗannan abubuwa.

Na koma wajen mai simintin da kaka, na ce zan ƙara masa a kan abin da ya biya. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce ya riga ya yi wa 'ya'yansa alkawarinta. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da haka zan ce. Na nemi wata a bakin titi, babu mai sayarwa. Waɗanda ake tallatawa suna can ciki, inda ko kyauta aka ba ni ba zan tura iyalina ba.

Har yanzu muna jefa dala ashirin ɗin nan da kaka, ni lamba, ɗan kawuna kifi. Bara lamba ta fito mini sau huɗu a jere, ya ce ta biyar tasa ce ko ana ha maza ha mata. Na ce masa rabi da rabi ne. Ya ce in rufe masa baki, ɗan lakwal. Mushe ya yi rauni yanzu, hannunsa na rawa, wani lokaci ni nake jefawa a madadinsa.

Ranar da aka fara auno mana gero daga kasuwa, uwar 'ya'yana ta karɓi buhun ta zuba a mazubi.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Buhu ɗari biyu da ashirin sun ci naira miliyan goma sha takwas da dubu ɗari huɗu, haya da dako da magani suka ci dubu ɗari huɗu. Na sayar da ɗari biyu a hamsin da biyar, ashirin ɗin da ƙwari suka taɓa a talatin da biyar, aka ba ni miliyan goma sha ɗaya da dubu ɗari bakwai. Asara miliyan bakwai da dubu ɗari. Miliyan uku a ciki kasuwa ce ta ci, kuma ta riga ta ci tun ranar da na zauna a tabarmar Mushe, irin wadda kowane ɗan kasuwa ke gamuwa da ita. Sauran wajen miliyan huɗun ni na bayar da hannuna bayan an nuna mini a kwali. Jarin da na fara da shi kusan ya dawo yadda yake, ina nan ina juya shi. Gonar Daddara ba ta dawo ba.